Kalmomin noma daga Turanci zuwa Hausa: a taya ni gyara takardar da zan riƙa shiga gona da ita

SabonMalaminGona: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa 'yar takarda mai shafi biyu, Turanci a hagu Hausa a dama, wadda malamin gona zai sa a aljihu idan zai zaga gonaki. Dalili shi ne duk littattafan horo da rubutun jikin robar magani da buhun iri da Turanci suke, manomi kuma da Hausa za a yi masa bayani. Ga kaɗan daga abin da na rubuta: "hectare" kadada, "weeding" cire ciyawa, "improved seed" da "hybrid" ingantaccen iri, "pesticide" maganin ƙwari, "pre-emergence" maganin kafin tsiro, "basal application" takin farko, "top dressing" takin sama, "thinning" ragewa. Manya a duba min, a gyara inda na karkace.

BabaMaiGarma: Wa alaikumus salam. Aikin ya yi kyau ɗana, amma layinka na farko shi ne ya fi haɗari. Kadada ba ta da tsayayyen girma a bakin mutane. Wani ya ji kadada ya ɗauka eka ce, wani ya ɗauka hekta ce, a rediyo ma ana amfani da ita ga duka biyun. Hekta mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, murabba'in mita 10,000 ke nan. Eka kuwa wajen murabba'in mita 4,047 ce. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. To in robar magani ta ce lita 3 a hekta, kai ka ce wa mutum lita 3 a kadada, shi kuma ya juye ta a eka, ya ninka maganin sau biyu da rabi. Ka cire kadada gaba ɗaya. Ka rubuta hekta, ka rubuta eka, kowace da awonta a gefe.

DanMaradi: Baba ya yi gaskiya. A wajenmu kuma da wata matsalar: daga Faransanci kalmar ta zo mana, ba a furta harafin farko, sai ta fito kamar ekta. A kunne ekta da eka kusan abu ɗaya ne. Duk wanda yake aiki a garuruwan bakin iyaka ya tambaya sau biyu, ta mita ɗari ake nufi ko ƙaramar.

DalibinSamaru: Ni dai a ganina kadada ita ce Hausar asali, kuma ita ake gani a rubuce. Me zai sa mu bar kalmarmu mu ɗauki ta aro? Sai a koya wa manoma cewa kadada hekta ce, shi ke nan.

BabaMaiGarma: Malam ɗalibi, in takardar jarrabawa ce na yarda. Wannan takardar shiga gona ce, kuma kuskuren cikinta masarar wani ce za ta biya shi. Bayan haka, yawancin manoma ba da hekta ko eka suke lissafin gonarsu ba. Za ka ji an ce gona mai cin iri tiya huɗu, ko mai ba da dami hamsin, ko wadda shanu ke huɗewa a kwana biyu. Don haka kusa da kalmar hekta ka rubuta yadda ake auna gona da kunya. Ka ja tef a kan kunyoyi goma ka raba da goma, ka san faɗin kunya ɗaya, don garmar shanu ba kullum take ba da santimita 75 ba, wata har 90 take kaiwa. Sai ka ƙirga kunyoyin gonar duka. A ce kunya 80 ce, kowace santimita 75, faɗin gona mita 60 ke nan. Ka auna tsawon kunya ɗaya, a ce mita 70. Sittin sau saba'in 4,200 ne. Wannan gona ta ɗara eka da kaɗan, ba ta kai rabin hekta ba, 0.42 ce. Duk lissafin taki da magani daga wannan adadi zai tashi. In gonar ba mai kusurwa huɗu ba ce, ka auna kunya mafi tsawo da mafi gajarta ka ɗauki tsakiya.

Fassarau: Bari in taɓa "weeding". Cire ciyawa ba kuskure ba ne a Hausa, amma ba haka manomi yake faɗa ba. Shi noma yake cewa. Wannan shi ne tarkon da 'yan boko suke yawan faɗawa: sun ɗauka noma na nufin sana'ar kawai. In ka tambayi dattijo a gonarsa "ka yi noma?" zai fahimci kana tambaya ko ya nome ciyawa. Noman farko firi, na biyu maimai. Cira kuwa da hannu ake yi, kamar cirar wuta-wuta ko ciyawar da ta maƙale a gindin shuka inda fartanya ba ta shiga. Ka raba su layi uku.

UwarIri: Ni layin iri ne ya tsaya min a rai. Malam Sabo, ka haɗa abu biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma bambancinsu kuɗi ne. Ingantaccen iri suna ne na gaba ɗaya, duk irin da masu bincike suka fitar aka yi masa rajista. A cikinsa akwai wanda manomi zai iya ajiye iri daga girbinsa ya sake shukawa shekara biyu ko uku kafin ya sabunta, muddin gonar ba ta manne da wata masarar daban ba, kuma ya zaɓi zangarniya daga tsakiyar gona. A jikin buhu za ka ga an rubuta OPV. Sai kuma "hybrid", wanda manoma suke ce wa mai aure, ko haibirid kai tsaye. Shi damina ɗaya yake yi. In aka sake shuka 'ya'yansa zai tsiro lafiya lau, wannan ne ma yake ruɗin mutane, amma gonar za ta fito wata doguwa wata gajera, ba za su nuna tare ba, amfanin kuma ya ragu. Ka rubuta: mai aure, a sayi sabo kowace shekara. Ɗayan kuma: ingantacce mai maimaituwa.

DalibinSamaru: Hajiya ai abin da sauƙi, duk masarar da sunanta ya fara da SAMMAZ mai maimaituwa ce, na kamfanoni su ne masu aure.

UwarIri: A'a, kar wannan ya shiga takardar. SAMMAZ suna ne da ake ba masarar da ta fito ta hannun cibiyar bincike ta Samaru, kuma a jerin akwai mai maimaituwa akwai mai aure. Kamfanoni ma suna sayar da duka biyun. Katin da ke jikin buhu shi ne shaida, shi za a karanta.

Sannan ka ƙara "seed dressing". Ana ce masa wanke iri, kuma kalmar ta zauna, ba za ka iya ture ta ba. Sai dai ka bi ta da bayani, don akwai masu jin wanke su nufi bokitin ruwa. Garin maganin ake zubawa a kan irin, a ɗan yayyafa ruwa kaɗan in takardar ta ce haka, a girgiza a cikin rufaffen mazubi har kowace ƙwaya ta ɗauki launi, a shanya a inuwa, a shuka. Irin da ya zo da launi ja ko kore daga kamfani an riga an yi masa, ba a ƙara wani, ba a kuma wanke shi da ruwa. Wanda ya rage ba a ci, ba a ba kaji.

ManominTudu: Salamu alaikum malamai. Tunda maganar magani ake, masarata ce ganyen ƙasa ya yi rawaya, sati biyar da shuka. Wane magani zan fesa, kuma gwangwani nawa?

MaiFeshi16: Ɗan'uwa ba wannan ake tattaunawa ba, amma tambayarka ta zo daidai, don ta nuna inda kalmar magani take cutar da mu. Komai magani ne a Hausa: na ciyawa, na tsutsa, na cutar ganye, na ajiya. Malam Sabo ya fassara "pesticide" da maganin ƙwari, alhali ita kalmar ta haɗa su duka. Ya kamata ta zama maganin feshi ko maganin gona, sai a jero 'ya'yanta: "herbicide" maganin ciyawa, "insecticide" maganin ƙwari, "fungicide" maganin cutar fumfuna. Malamin gona kar ya taɓa cewa "sayo magani" ya yi shiru.

BabaMaiGarma: ManominTudu, kafin ka sayi komai je ka duba ganyen. In rawayar daga tsofaffin ganyen ƙasa ta fara, ta taso daga tsinin ganye tana bin jijiyar tsakiya, na sama kuma suna da ɗan kore, wannan yunwa ce, ba cuta ba, yuriya take nema. In gefen ganyen ne yake ƙonewa tsakiya na kore, wani sinadarin ne ya gaza, fotash. In kuma zane-zane ne sirara farare a sababbin ganyen sama, wannan cuta ce da wani ɗan ƙwaro yake yaɗawa, taki ba ya warkar da ita. Ka kuma duba ko ruwa yana kwanciya a wurin, don shi ma yana sa rawaya. Malam Sabo, ga wani layi: "deficiency" ka rubuta yunwar shuka. In ka ce ƙarancin sinadari za a gyaɗa maka kai ne kawai, in ka ce yunwa take ji an gane.

ManominTudu: Daga ƙasa ne Baba, kuma tun takin kamfa na farko ban ƙara komai ba. Na gode.

MaiFeshi16: Mu koma kan maganin ciyawa, don nan ne aka fi yin ɓarna. "Maganin kafin tsiro" da ka rubuta, tambayar da za a yi maka ita ce tsiron wa, na masara ko na ciyawa? A wajen masu feshi ɗauri muke cewa, a ɗaure gona. Ana fesa shi a kan ƙasa ranar shuka ko washegari, ƙasa da danshi, ya yi kamar shimfiɗa a samanta, ƙwayar ciyawa na tsirowa ta mutu. Abu uku ke lalata shi: busasshiyar ƙasa, ruwa mai ƙarfi da ya wanke shi nan take, da shiga gona da fartanya bayan an fesa. Kuma galibinsa ba ya kashe ciyawar da ta riga ta girma. Don haka a gaban kalmar ka rubuta: ɗauri, bayan shuka, kafin komai ya fito, ƙasa jiƙe.

Na bayan tsiro kashi biyu ne kuma dole ka raba su. Akwai mai zaɓe, wanda zai kashe ciyawa ya bar amfanin da aka yi shi dominsa. Akwai kuma wanda ba ruwansa, duk koren da ya taɓa ya tafi, irin su gilaifoset. Shi gilaifoset ta ganye yake shiga ya gangara saiwa, shi ya sa yake maganin tofa da kiri-kiri, amma sai ya yi sati ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinsa sosai. Manomi ya dawo bayan kwana biyu ya ga ciyawa kore shar, ya ce jabu ne, ya sake fesawa. Mai ƙonewa kuwa a wuni ɗaya ganye ya bushe, amma saiwa tana nan, ciyawa mai jijiya za ta dawo.

Kuma kalmar zaɓe ita ma kar ta tsaya ita kaɗai. Zaɓe ga wane amfani? Atrazin lafiya lau yake a masara, amma in akwai wake ko gyaɗa ko waken suya a tsakanin kunyoyin, ko ana shirin sa wake nan kusa, an yi asara. Tambayar farko kafin ka ambaci kowane maganin ciyawa ita ce: me da me ke cikin gonar, me kuma za a ƙara.

DanMaradi: A nan ma sunan amfanin yana iya ba da matsala. In mutumin wajenmu ko na Sakkwato ya ce maka gujiya, gyaɗa yake nufi. A Kano in ka ce gurjiya, wadda muke ce wa kwaruru za a kawo maka. Hatsi ma haka, a wajenmu gero ne kai tsaye, a Kano kuwa gero da dawa duk hatsi ne. Ka bar fili na uku a takardar, babu komai a ciki, duk garin da ka je ka cike da abin da su suke faɗa.

SabonMalaminGona: Wannan fili na uku ya shiga. MaiFeshi16, to "application rate" fa? Na sa yawan magani. Kuma manoma da gwangwani suke tambaya, kamar yadda ɗan'uwanmu ya yi a sama. In rubuta gwangwanin madara nawa a kowace goyo, wato tankin feshi ɗaya?

MaiFeshi16: Kar ka rubuta adadi ɗaya, don babu shi. Robar tana faɗin lita nawa a hekta, shi kuma mai feshi yana son sanin nawa zai zuba a tanki. Abin da ke haɗa su shi ne yawan ruwan da wannan mutumin, da wannan bakin feshin, da irin tafiyarsa, yake zubarwa a hekta. Ga yadda ake ganowa. A auna fili mita 10 da mita 10 a cikin gonar. A zuba ruwa zalla a tanki, a san adadinsa. Ya fesa filin da tafiyar da ya saba, yana buga famfo yadda ya saba. A auna abin da ya ragu. In lita 2 ta tafi, a hekta lita 200 zai zubar, don hekta ta ninka wannan fili sau ɗari.

Yanzu ɗauki gonar da Baba ya auna. Robar ta ce lita 3 a hekta, tankin kuma mai lita 16 ne. Lita 200 a raba da 16, goyo goma sha biyu da rabi ke nan a hekta. Lita 3 mililita 3,000 ce, a raba da sha biyu da rabi, kowace goyo ta samu mililita 240. Gonar 0.42 ce, za ta sha ruwa lita 84, wato goyo biyar da kwata, maganin duka kuma lita ɗaya da kwata da ɗan ɗigo. In da mai feshin nan mai tafiyar hawainiya ne, lita 3 ta tafi a gwajin, to lita 300 yake zubarwa a hekta, kowace goyo mililita 160 za ta ɗauka. Gona ɗaya, magani ɗaya, awo biyu. In ka ba mai jan ƙafa awon mai sauri, ya zuba ɗaya da rabin abin da ake so.

Gwangwani kuma ba duka girmansu ɗaya ba. Malamin gona ya riƙe kofin awo mai lamba, ya auna gwangwanin da mutumin yake amfani da shi a gabansa, ya yi masa alama da ƙusa. Gwangwanin nan kuma ya bar kicin har abada.

DalibinSamaru: Lissafin ya fita. Amma gaskiya manomi nawa ne zai tsaya yin wannan gwaji? Ba gara a ba su awo ɗaya na tsaka-tsaki ba, ko da bai cika daidai ba?

MaiFeshi16: Ba manomi ne zai yi ba, malamin gona ne zai yi da masu feshin garin, sau ɗaya a farkon damina, sai in an canza bakin feshi. Minti ashirin ne. Bakin ma iri biyu ne kuma ya kamata su shiga takardar: mai baza ruwa kamar mafici na ciyawa ne, mai fesowa a zagaye kamar hazo na ƙwari da cuta ne.

BabaMaiGarma: Ɗalibi bai yi ƙarya ba duka. Inda malami ɗaya yake riƙe da garuruwa da yawa, dole wani lokaci ya ba da awon tsaka-tsaki. In za ka yi haka, ka faɗi sharaɗin tare da shi: awo kaza a goyo, kuma goyo biyar su ƙare eka. In mutum ya ga ya sha goyo takwas bai gama eka ba, ya san da gyara.

Fassarau: Ina so in koma kan "takin sama" kafin a manta. Wannan fassarar kalma da kalma ce, kuma tana koyar da akasin abin da ake so. Wanda ya ji takin sama zai watsa a saman ƙasa ya tafi. Takin biyu ya fi, ko ƙarin taki. "Basal" kuma takin farko ya yi daidai, wasu na cewa takin gindi.

BabaMaiGarma: Haka ne, kuma yuriya ce aka fi yi wa wannan. In aka bar ta a fili a kan ƙasa rana na dukanta, wani kaso na ƙarfinta iska yake bi. A gaban takin biyu ka rubuta aikin: a yi rami da tsinke ko sanda, nisan kamar yatsu huɗu daga gindi, a zuba, a rufe, ƙasa da danshi, sati huɗu zuwa shida bayan shuka a masara. Takin farko kamfa ce, wato NPK, ranar shuka ko cikin sati biyun farko, ita ma a binne, kar ta taɓa iri ko karan shuka.

Wani wurin da takardarka za ta yi amfani shi ne lambobin nan uku. In littafi ya ce 120:60:60 a hekta, ba buhu yake ƙirgawa ba, ba kuma nauyin takin ba ne, nauyin abincin da ke cikin takin ne. Buhun NPK 15:15:15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowanne cikin ukun. Buhu takwas sun ba ka 60:60:60. Saura 60 na farkon, shi yuriya za ta cike. Buhun yuriya yana da kilo 23, don haka buhu biyu da rabi da ɗan ƙari. A gonar nan mai 0.42, kamfa buhu uku da sulusi, yuriya buhu ɗaya da 'yan kwanoni. In aka sayo kamfa mai wasu lambobin, kamar 20:10:10, lissafin ya canza, a sake shi daga farko.

UwarIri: Baba a sauko da shi zuwa rami, don nan ne hannun mai zubawa yake. In tazara santimita 75 ce tsakanin kunya, 25 tsakanin rami, tsiro ɗaya a rami, hekta tana ɗaukar tsiro wajen 53,000, kowanne ya samu kamfa giram bakwai da rabi. In 75 da 50 ce, tsiro biyu a rami, yawan tsiron bai canza ba, amma ramukan sun koma rabi, kowane rami giram 15. Nan ake yawan kuskure: a koya wa mutum murfin kwalba a tsarin farko, ya je ya yi shi a na biyu, ya ba da rabin abinci. Murfin ma a auna shi a sikeli, a kuma faɗa ko shafe ne ko da tozo.

Santimita kuma ka ba ta Hausa. Ka yanka kara biyu, mai 25 da mai 75, ka bar wa manomin. Taƙi da kamu sun danganta da hannun mutum, na yaro ba na babba ba ne.

DalibinSamaru: "Thinning" fa, ba wanda ya taɓa ta. Ragewa ta yi?

Fassarau: Ta yi in an ce rage shuka. Wasu wuraren cira suke cewa, amma tunda mun ba cirar ciyawa wannan suna, a rubuta cirar shuka a fili na uku kar a gauraya. Lokacinta ya fi sunanta muhimmanci, wajen sati biyu bayan shuka, bayan an yi ruwa, don saiwar wanda aka bari kar ta girgiza. Kishiyarta ita ce cike gurbi inda bai fito ba, ita kuma cikin satin farko bayan tsiro, in aka makara manyan za su danne ƙananan.

Akwai biyu da ni kaina ban gamsu da fassararsu ba: "resistant" da "tolerant". Duka juriya ake cewa. Mai jure wuta-wuta, mai jure fari.

UwarIri: Bambancin yana da amfani a gona. Na farko yana hana abin kama shi sosai, za ka ga wuta-wuta kaɗan ce ta fito. Na biyu tana kama shi, tana fitowa da furenta, amma duk da haka ya ba da amfani. Matsalar na biyun ita ce manomi ya ga wuta-wuta ta cika gona ya ce an yaudare shi, kuma in bai cire ba kafin ta zubar da 'ya'ya, baɗi ta fi yawa. Ni zan ce mai turjiya da mai haƙuri.

BabaMaiGarma: Mai haƙuri ta yi min, za a gane ta nan take. Turjiya kuwa ina shakka, sai ka ce jaki. Kuma ko wacce aka zaɓa, kar a bari ta zama alkawari. Mai jure fari yana jure tsaikon ruwa na ɗan lokaci ne, ba ya rayuwa babu ruwa.

Fassarau: To mai kariya? Ko mai garkuwa?

DanMaradi: Garkuwa za a ɗauka an yi masa magani ne a jiki, a rikita shi da wankakken iri.

MaiFeshi16: Ku bar wannan a buɗe, amma akwai layin da bai kamata takardar ta fita babu shi ba. A jikin roba ana rubuta PHI, ko "pre-harvest interval". Kwanakin jira ne tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka. Masu tumatir da kuɓewa da ake tsinka duk bayan 'yan kwanaki su ya fi shafa. Kowane magani da nasa kwanakin, a karanta a faɗa da lamba. Kusa da shi ka sa launin zanen da ke ƙasan takardar roba: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai iya karatu ba ma zai riƙe wannan. Sannan "active ingredient", sinadarin da ke aikin, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa. Roba biyu masu suna daban da hoto daban suna iya zama abu ɗaya a ciki. Mutum ya ce ya canza magani tsutsa ta ƙi mutuwa, alhali kwali kawai ya canza.

SabonMalaminGona: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Shafi biyun nan ba za su isa ba yanzu, don kusan kowace kalma ta samu jela. Na cire kadada, na raba iri gida biyu, takin sama ya koma takin biyu. Abin da ya rage min shi ne ɓangaren girbi, don "harvest" guda ɗaya ce a Turanci.

Fassarau: A Hausa kuwa kowane amfani da nasa. Gero da dawa girbi, shinkafa yanka, wake roro, gyaɗa cira, rogo da dankali haƙa ko tono, tumatir da barkono tsinka, masara wasu karya wasu cira. In ka ce wa mutum ya girbe wakensa zai gane, amma zai san baƙo ne kai.

ManominTudu: Baba, yuriyar nan, in na binne yau kuma ba a yi ruwa ba sai bayan kwana uku, ta lalace?

BabaMaiGarma: In ƙasar da danshi kuma ka rufe ramin, ba abin da zai same ta. In ta bushe ƙurmus har ƙasa, dakata sai an yi ruwa.